Jan suga da farin suga: da gaske ɗaya ya fi ɗaya lafiya, ko dai kala ce kawai?

Mafi yawan jan sugan da ake sayarwa a leda ko a kwali, wanda wasu ke ce wa burawun suga, farin suga ne aka mayar masa da ɗan molasis a jikinsa, wato baƙin ruwa mai yauƙi da ke fita wajen dafa ruwan rake, shi ya sa ya yi wannan kalar ta ruwan ƙasa, ya yi danshi, ya yi ƙamshi. Amsar kenan a taƙaice. Amma na san idan aka tsaya nan wani zai ce toh ai molasis ɗin ne maganar, ba a cikinsa sinadaran amfanin suke ba? Kuma gaskiyarsa, a cikinsa suke. Matsalar ita ce nawa ne ke isa cikin cokalinka, kuma nawa za ka sha kafin jikinka ya san ya samu wani abu. Nan ne lissafin ke rushewa gaba ɗaya.

Sai mun fara ganin yadda ake yin sugan kansa, don duk ruɗanin daga nan ya samo asali.

Ana matse rake a inji, ruwan ya fito da dauɗa da ƙasa da ɓurɓushin ɓawo, sai a dumama shi a zuba masa sinadarin farar ƙasa don dattin ya kwanta a tace. Daga nan a yi ta dafa shi ruwan na ƙonewa har ya yi kauri sosai, a kai shi wata babbar tukunya da aka zuƙe iskar cikinta (ana yin haka ne don ya tafasa ba tare da zafi ya yi yawa ya ƙona sugan ba), a can ƙwayoyin suga za su fara fitowa a cikin ruwan mai kauri. Yanzu abu biyu ne a cakuɗe, ƙwayoyi da kuma baƙin ruwa mai yauƙi da ya kewaye su. Sai a juye su a wani inji mai juyawa da gudun tsiya, kaman yadda injin wanki ke wulwula kaya ya fitar da ruwan jikinsu, ruwan ya fice ta ƙananan huji, ƙwayoyin su tsaya a ciki. Wannan baƙin ruwan da ya fice shi ne molasis. Ƙwayoyin da suka tsaya kuma su ne ɗanyen suga, kalarsu ruwan ƙasa ce don har yanzu akwai ragowar molasis a manne a jikinsu.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙwayar suga ita kanta ba ta da kala. Sunanta sukuros, kuma idan ta fito tsantsarta garau take, tarin ƙwayoyin ne ke sa ido ya ga fari. Kenan duk wata kala da ka gani a jikin suga ba ta sugan ba ce, ta abin da ya manne masa ce. Abin da matatar suga ke yi shi ne ta wanke wannan ɗanyen sugan, ta narkar da shi, ta sake tacewa, ta bi da shi ta cikin wani gawayi na musamman ko wasu ƙwayoyin roba masu kama kala, sannan ta sake dafawa ƙwayoyin su fito a karo na biyu. Abin da ke fitowa shi ne farin suga, wanda a ƙa'idar abinci ta duniya sai ya kai aƙalla kashi 99.7 cikin 100 na sukuros kafin a kira shi da wannan sunan.

Toh shi jan sugan fa? Hanya biyu ake bi. Ta farko, wacce ta fi sauƙi kuma kamfanoni da yawa ke bi, a ɗauki farin sugan nan da aka gama tacewa tas, a zuba masa molasis a gauraya har ya shafe kowace ƙwaya. Ta biyu, a dafa ƙwayoyin tun farko a cikin ruwa mai duhu a matatar, su fito da kalarsu. Ko ta wace hanya aka bi, molasis ɗin kaɗan ne: mai hasken kala yana da kusan kashi 3.5 cikin 100, mai duhun kuma kusan kashi 6.5. Sauran duk suga ne. Kuma dalilin da ya sa kamfani ya fi son ya cire sannan ya mayar ba wai mugunta ba ce, so yake kalar da ɗanɗanon su zo iri ɗaya a kowace leda, wanda ka saya bara da wanda za ka saya baɗi kar su bambanta.

Akwai ma wani abu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na sugan duniya ba daga rake yake ba, daga wata farar saiwa ce mai ƙiba da ake kira bit, wacce ake nomawa a ƙasashe masu sanyi. Molasis ɗin bit ba ya ciyuwa ga ɗan Adam, ɗaci da wari gare shi, yawanci abincin dabbobi ake yi da shi ko a kai masana'antar yis. Don haka idan za a yi jan suga da sugan bit, aro ake yi, a kawo molasis ɗin rake a shafa masa, wasu kuma kalar karamel suke sawa, wato ƙonannen suga. Kaga wannan ko kusa ba za a ce masa "wanda ba a sarrafa ba", ya ma fi farin shan sarrafawa da mataki ɗaya.

Idan kana son ka tabbatar da kanka ba sai ka je ko'ina ba. Ɗebi kofi ɗaya na farin suga, wajen giram 200, ka zuba masa babban cokali ɗaya na molasis ka murza da cokali mai yatsu ko da hannu na ɗan mintuna, abin da zai fito shi ne jan suga mai hasken kala, idan ka sa cokali biyu ya zama mai duhu. Masu yin kek sun daɗe suna wannan dabarar idan nasu ya ƙare. Haka kuma za ka iya yin akasinsa, ka zuba jan suga a rariya mai laushi ka ɗiga masa ruwan sanyi kaɗan ka girgiza da sauri, za ka ga ruwan ya fita da kala, ƙwayoyin da suka rage sun yi haske.

Yanzu lissafin. Bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi, mace ce, baliga, tana shan shayi kofi uku a rana, kowane kofi ƙaramin cokali biyu na suga. Cokali 6 kenan, kuma cokalin shayi na farin suga da aka shafe bakinsa yana ɗaukar giram 4 da ɗoriya, don haka a rana tana shan kusan giram 25. An ce mata ta bar farin ta koma ja saboda lafiya, ta koma. Me ya canza?

Ta fuskar kalori, giram 100 na farin suga yana da 387, na ja yana da 380. Wannan ɗan bambancin ma ba wani sirri ba ne, ruwa ne, shi jan yana da danshi, ruwa kuma ba shi da kalori. A giram 25 ɗin da take sha, farin ya ba ta kusan 97, jan ya ba ta 95. Kalori 2 ta tsira da su a wuni guda. Tashi ta ɗauko kofin daga kicin ma ya ci fiye da haka.

Sai sinadaran da ake ta tallatawa. A giram 100 na jan suga akwai kalsiyam kusan miligiram 83, fotasiyam 133, ayon kuma, wato sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, 0.7. A farin suga kalsiyam 1 ne, fotasiyam 2, ayon ɗin ma kusan babu. Toh a nan ne masu talla ke samun abin faɗa, don idan ka raba 83 da 1 za ka iya rubutawa da manyan baƙi cewa jan suga ya ninka fari sau 80 a kalsiyam, kuma ba ƙarya ka yi ba. Amma ninkin abin da babu, shi ma kusan babu ne. Ita wannan baiwar Allah giram 25 take sha ba 100 ba, kenan kalsiyam ɗin da ta samu kusan miligiram 21 ne, alhali babba yana buƙatar wajen 1000 a rana. Kashi 2 cikin 100. Ayon ɗin da ta samu bai kai miligiram 0.2 ba, ita kuma macen da ke jinin al'ada buƙatarta ta kai 18 a rana, kashi 1 cikin 100 kenan. Fotasiyam ta samu 33, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba ya samu aƙalla 3510, ko kashi 1 bai cika ba.

Juya lissafin ta ɗaya ɓangaren sai ya fi fitowa fili. Kofi ɗaya na madara yana da kalsiyam kusan miligiram 300. Kafin ta samu wannan daga jan suga sai ta cinye kusan giram 360, wanda ya haura kalori 1300, fiye da rabin abincin wuni. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da fotasiyam wajen 420, sai ta haɗiye fiye da giram 300 na jan suga kafin ta kamo ayaba ɗaya tal. Ayon kuwa, idan da jan suga za ta dogara don cike buƙatar rana, kilo biyu da rabi take nema. Babu mai hankalin da zai kira wannan hanyar samun ƙarin jini.

Kuma akwai inda abin ke juyewa ya zama asara, wannan ne ya fi damuna a duk maganar. Jan suga yana da danshi, yana dunƙulewa, idan ka luma cokali a ciki ka danna ya fi ɗaukar nauyi. Cokalin shayi na farin suga giram 4.2 ne, na ja da aka danna kusan 4.6, kofi kuma 200 ne da 220. Idan ba a danna ba yana iya yin ƙasa da na farin, amma wa ke tsayawa yana lura da wannan da safe, kuma tunda yana mannewa, tozon da ke tsayawa a kan cokalin ya fi na farin tsayi, shi farin zubewa yake. Kenan cokali 6 ɗin nan nata da ke ba ta giram 25 yanzu suna iya ba ta kusan 28, kalori 105 maimakon 97. An gudu ba a tsira ba. Sannan ga na biyu wanda ya fi wannan, tunda zuciya ta riga ta yarda cewa wannan "mai lafiya" ne, hannu sai ya saki, cokali biyu ya koma uku a kowane kofi. Cokali 9 a rana, an haura giram 40. Mutumin da ya canza suga don ya kula da lafiyarsa ya ƙare da ƙara fiye da rabi a kan abin da yake sha a da, kuma hankalinsa kwance.

Don a san inda wannan adadin ya tsaya, a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, in so samu ne ma ya yi ƙasa da kashi 5. Ga mai cin kalori 2000, kashi 10 shi ne kusan giram 50, kashi 5 kuma giram 25. Kaga shayinta kaɗai ya riga ya cinye ƙaramin ma'aunin tun kafin a zo kan lemon kwalba da biskit. Kuma a wannan lissafin hukumar ba ta ware ja daban fari daban ba, har zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk a buhu ɗaya aka zuba su.

Toh me ke faruwa a cikin jiki? Sukuros ƙwaya ce da aka haɗa da abu biyu, gulukos da furuktos. Idan ta isa ƙaramin hanji akwai wani sinadarin narkar da abinci mai suna sukures da ke raba su biyu, gulukos ya shiga jini ya ɗaga sugan jini, insulin ya fito ya yi aikinsa, furuktos kuma yawancinsa hanta ke sarrafa shi. Hanji ba ya ganin kala. Sukuros ɗin da ya zo da rigar molasis da wanda ya zo tsirara duk aiki ɗaya ake musu, kuma gudu ɗaya suke shiga jini. Shi kansa molasis ɗin ma mafi yawansa suga ne, sukuros da gulukos da furuktos da ruwa, ba wani abu ne da zai riƙe sugan ya hana shi shiga jini da sauri ba.

Ina ganin inda mutane suka ɗauko tunanin shi ne wajen shinkafa da alkama. An saba jin cewa shinkafar da ba a goge ba ta fi fara, burodin alkama mai dusa ya fi farin burodi, kuma wannan gaskiya ne, don a can kalar tana nufin dusar na nan, dusa kuma tana da harza mai rage gudun narkewa da bitamin da sauransu, kuma abinci ne da ake ci da yawa, faranti guda, don haka abin da ke ciki yana taruwa ya yi amfani. Sai aka ɗauki wannan hukuncin aka ɗora wa suga. Amma jan suga ba shi da harza ko kaɗan, sifili ne, kuma da cokali ake shansa ba da faranti ba.

Mai ciwon suga shi ne wanda wannan kuskuren ya fi cutarwa, shi ya sa nake son a ji wannan da kyau. Idan likita ya ce ka rage suga, jan yana ciki, babu wata ƙofar baya. Wanda ke da ɗan injin gwajin suga a gida yana iya gani da idonsa, idan dai adadin da aka auna a sikeli ɗaya ne, lambar da za ta fito bayan shan na ja da bayan shan na fari ba za ta bambanta da wani abin a zo a gani ba, ɗan hawa da saukar da za a gani bai wuce wanda ake gani tsakanin yau da gobe ko da abu ɗaya aka ci ba. Wata hujjar ma ita ce idan sugan mai ciwon ya faɗi ƙasa sosai saboda magani ko allura, ya fara rawar jiki da gumi, abin da ake koyarwa shi ne a ba shi kusan giram 15 na suga mai saurin shiga jini, wajen babban cokali ɗaya, a jira minti 15 a sake gwadawa. A wannan halin idan jan suga ne a kusa, shi za a ba shi, zai ɗaga sugan kaman yadda farin zai yi. Abin da zai iya ɗaga sugan jini cikin minti 15 lokacin da ake nema, ba zai ƙi ɗagawa ba lokacin da ba a nema.

Haƙori ma haka. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin suga su fitar da asid, asid ɗin ya dinga cin ɓawon haƙori har rami ya fito, kuma su ma ba ruwansu da kala. Abin da ya fi tasiri a nan shi ne sau nawa suga ke taɓa haƙori a wuni, mai kurɓar shayi mai zaƙi kaɗan-kaɗan tun safe har yamma ya fi shiga haɗari a kan wanda ya shanye nasa lokaci ɗaya.

Akwai kuma masu cewa su ba don sinadaran amfani suka bar farin ba, tsoron "bilicin" suke, wai kemikal aka zuba ya yi fari. Mun riga mun ga cewa farin kalarsa ce ta asali, cire abin da ya rufe shi aka yi. Gaskiya ne wasu masana'antun suna amfani da hayaƙin farar wuta wajen tace ruwan raken, kuma wasu matatun har yanzu gawayin ƙashin shanu suke amfani da shi wajen kama kala, amma shi gawayin matata ne kawai da ruwan ke bi ta ciki, ba ya cikin sugan, na farar wutar kuma akwai iyakar da doka ta sa wa ragowarsa. Kuma ko da wannan ne damuwarka, komawa jan suga na leda bai fitar da kai ba, tunda yawanci daga wannan farin aka yi shi, duk hanyar da farin ya bi shi ma ya bi. Duk kanwar ja ce.

Sai dai ba kowane suga mai kala ne aka yi ta hanyar cirewa da mayarwa ba, adalci ne a faɗi wannan. Akwai irin su demerara da turbinado, masu manyan ƙwayoyi masu sheƙi, su an wulwula su a inji amma ba a kai su ga cikakkiyar tacewa ba, ɗan molasis ɗin jikinsu nasu ne na asali. Amma kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa ma bai kai na jan suga mai laushi ba, kusan duka sukuros ne. Sai muskobado, mai duhu da danshi da ƙamshi mai ƙarfi, shi molasis ɗinsa ya fi yawa. A can ƙarshe kuma akwai wanda ba a raba shi da ruwansa kwata-kwata ba, a dafa ruwan rake kawai har ya daskare, wato mazarƙwaila, wacce a Indiya ake ce wa jagari, a ƙasashen Latin Amurka kuma fanela. Wannan kam duk abin da ke cikin ruwan raken yana nan, ma'adanan sun fi yawa nesa ba kusa ba idan aka gwada da jan suga na leda.

To amma ko ita, mafi yawan nauyinta suga ne, sukuros ya kai kashi biyu cikin uku ko fiye, ga gulukos da furuktos a kai, sauran ruwa ne da ɗan ma'adanai. Kalorinta bai yi nisa da na farin suga ba. Ayon ɗin cikinta ma ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon ƙasar da aka noma raken da irin tukunyar da aka dafa, don wani ɓangarensa daga jikin kaskon ƙarfen yake fitowa. Idan ka sa giram 25 a shayi, ka samu ɗan abin da ya fi na jan suga, eh, amma har yanzu sugan da ka sha ya kusa giram 20 ko fiye, kuma jininka zai karɓe shi a matsayin suga. Ni a ganina idan mutum yana son ɗanɗanonta ya sha abinsa da wannan niyyar, amma ya ƙirga ta cikin sugan ranar, kar ya ƙirga ta cikin magani.

Shi molasis ɗin tsantsarsa, musamman baƙin ƙarshe wanda ke fita bayan an dafa sau uku an kwashe duk sugan da za a iya kwashewa, shi ne ke da ma'adanai da za a iya kira da yawa, ayon da kalsiyam da fotasiyam da maganisiyam. Amma yana da ɗaci-ɗaci, ba kowa ke iya shansa ba, kuma abin da ke jikin jan suga ɗan shafe ne kawai daga irinsa.

Inda bambancin ja da fari yake na gaske shi ne a kicin. Molasis yana jan danshi ya riƙe, shi ya sa biskit ɗin da aka yi da jan suga ke fitowa da laushi da ɗan danƙo, na farin suga kuma ya fi yin ƙarau-ƙarau. Sannan molasis yana da ɗan tsami, wato asid, idan ya haɗu da bekin soda sai su fitar da iskar da ke sa ƙullu ya tashi, don haka idan tsarin girkin ya ce jan suga da bekin soda, kai kuma ka sa fari ba tare da wani abu mai tsami a ciki ba, kek ɗin na iya ƙin tashi yadda ya kamata kuma ka ji ɗanɗanon sodar a baki. Ga kuma ƙamshin nan mai kama da karamel. Wasu na cewa saboda ƙamshin suna iya sa kaɗan su gamsu, toh idan da gaske cokalin ya ragu an ci riba, amma ribar daga raguwar take, ba daga kalar ba.

Wannan danshin ne kuma ke sa jan suga ya daskare ya koma dutse idan aka bar ledar a buɗe. Ba lalacewa ya yi ba, ruwan molasis ɗin ne ya bushe ya manne ƙwayoyin da juna. A sa shi a mazubi mai murfi tare da yankan burodi ko yankan tuffa a rufe ya kwana, zai ja danshin ya dawo da laushinsa. Wanda ya jiƙe sosai har yana warin tsami ko ya yi fumfuna, shi ne na zubarwa.

Idan ka ɗauki leda kana son sanin wane iri ne a hannunka, juya bayanta ka duba jerin abubuwan da aka haɗa. Idan ka ga an rubuta suga sannan molasis a matsayin abu biyu daban, farin suga ne aka shafa wa. Idan ka ga kalar karamel ko lambar E150, rini aka yi masa da ƙonannen suga, wanda ko ɗan ma'adanan molasis ɗin ma ba lallai ya samu ba. Idan abu ɗaya kawai aka rubuta, sugan rake, toh ko dai an dafa shi da kalarsa ko kuma irin su demerara ne. Kalmomi irin su "na asali" ko "ɗanye" da ake bugawa a gaban leda ba su cika gaya maka komai ba, don ɗanyen suga na gaskiya da ke fitowa daga injin matsa zuwa matata ba a sayar da shi don ci kai tsaye, yana da datti, duk wanda ya iso kanti an riga an tsaftace shi. Daga nan sai ka gangara kan teburin sinadaran abinci ka nemi layin da ya nuna adadin suga a kowane giram 100. Na farin za ka ga 100 ko dab da haka, na jan kuma yawanci tsakanin 95 da 99.